Takardar binciken haraji: shiru ya fi tara tsada

Ranar da takardar sanarwar bincike ta fito daga ma'aikatar haraji, ɗan kasuwa yakan yi ɗayan biyu: ko ya jefa ta cikin akwati, ko ya shiga neman wanda ya san wani. Duka biyun asara ne. Bincike shari'a ce ta takardu, kuma mai hujja a rubuce shi ke rage abin da zai biya.

Sanarwar tana faɗin shekarun da za a duba da ranar farawa, kuma doka ta yarda mutum ya zo da mashawarcin da ya zaɓa. Kafin ranar, sai a tattara faktir na saye da sayarwa, takardun duwan, bayanan asusun banki da shaidar harajin da aka biya, a jera su wata bayan wata. Dokar OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita, ta wajabta ajiye takardun lissafi har shekara 10.

Ga misali. Wani mai sayar da kayan gyaran mota a Maraɗi ya bayyana cinikin miliyan 40 na sefa, amma mai bincike ya tarar miliyan 52 sun shiga asusunsa. Idan bai ce komai ba, miliyan 12 ɗin nan za su zama ciniki ɓoyayye. Harajin TVA kaɗai, kashi 19 cikin ɗari, ya kama 2.280.000, ban da harajin riba da tara.

To amma miliyan 5 rance ne daga yayansa, akwai yarjejeniya mai kwanan wata. Miliyan 4 kuwa ya ɗebo su ne daga wani asusunsa na Yamai, bayanan bankunan biyu sun nuna haka. Saura miliyan 3 ba su da hujja. Da ya amsa su, TVA ya sauko zuwa 570.000, tara ma ta ragu, domin a kan harajin da aka ƙara ake lissafa ta. Da rancen na baka ne kawai, da miliyan 5 sun hau kansa.

Bayan bincike, ana aiko da takardar gyaran haraji. Dole amsa ta kasance a rubuce, batu bayan batu, cikin wa'adin da aka nuna, kuma a karɓi hatimin shaidar ajiyewa. Wanda ya bar wa'adi ya wuce, ana ɗauka ya yarda. Wanda ya biya asalin harajin da ya amsa yana iya rubuta roƙon sassaucin tara, ko da yake yarda tana hannun hukuma.

Cin hanci kuwa ba ya rufe fayil. Wani mai binciken na iya sake buɗe shi. Su ma ma'aikatan haraji akwai nauyi a kansu: kowane ƙari ya zo da dalilinsa a rubuce. Baitulmali na da hakki, mai biya ma haka.