Filin Lakwal: Tseren gwangwani da awon ruwan da ke ɓacewa

Watan Maris ya kama, bazara ta shigo. Rijiyoyi sun fara ja da baya, layin bido, wato jarka, yana ƙara tsawo a bakin famfo. Yara ne ke yawan ɗiban ruwan gida da na lakwal, kuma a hannunsu ne mai yawa yake zubewa. Faɗa ba ya gyara wannan. Yaro ya sha jin "kada ka ɓarnata ruwa" har kunnensa ya saba. Abin da bai taɓa gani ba shi ne yawan ruwan da ya ɓace, an auna shi a gabansa, an rubuta a allo. Gani ya kori ji. Ga wasa ɗaya da gwaji biyu da mushe zai iya shiryawa da kayan da ke cikin gari. Ranar 22 ga Maris, wadda duniya ta keɓe domin ruwa tun 1993, ta dace da su.

Kayan wasa

Ana bukatar bokiti huɗu, da gwangwani biyu masu girma ɗaya, da ruwa litir 10. Gwangwanin ya zama mai cin kwatan litir, wato huɗu su cika litir guda. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: kwalbar roba ta litir ɗaya da rabi tana cika irin wannan gwangwani sau shida. A daddake bakinsa da dutse don kada ya yanki yaro. Ruwan kuma ba sai na sha ba. Na wanke hannu ko na tabki ya isa, amma a gargaɗi yara kada kowa ya kai shi baki.

A zaɓi fili kusa da itatuwan lakwal ko garka, don abin da ya zube ya amfani saiwa. A ja layi biyu a ƙasa, metir 10 tsakaninsu. Kowane rukuni yana da yara goma da bokiti biyu: na farawa mai ruwa litir 5, da na ƙarshe wanda babu kome a ciki. Litir 5 gwangwani 20 ke nan, saboda haka kowane yaro zai je sau biyu. Sauran ƴan aji ba ƴan kallo ba ne. Daga cikinsu ake naɗa alƙalai, da mai duba lokaci, da mai rubutu a allo.

Yadda ake tseren

Mushe ya tafa hannu. Yaro na farko ya cika gwangwani, ya kai ɗaya layin, ya juye, ya dawo ya miƙa wa na bayansa. In ruwan bokiti ya yi ƙasa, alƙali ya karkata shi ya tsiyaye wa yaron. Ana ba su minti 10.

Doka ɗaya ce ta raba wannan tsere da sauran: ba wanda ya riga gamawa ne ya ci ba, wanda ya kai ruwa mafi yawa cikin lokacin shi ne ya ci. Mushe ya faɗi dokar tun farko, sau ɗaya, da babbar murya. Yawanci yara ba za su kula da ita ba a zagayen farko, gudu za su yi. Kada a tsai da su, darasin yana cikin wannan gudun.

A ɗauki misali. Rukunin farko ya gama cikin minti 5 yana ta sowa. Na biyu ya gama cikin minti 8. Alƙalai su zo da gwangwanin nan dai, su kwashe bokitin ƙarshe suna ƙirga da ƙarfi. Na rukunin farko ya ba da 14, na biyu ya ba da 18. Rukuni na biyu ya ci. Sauri ya haifi nawa.

Daga nan sai lissafi, kowane aji da ƙarfinsa. Ƙanana su cire 14 daga 20, su sami 6. Ƴan aji uku da huɗu su mai da shi litir: gwangwani 6 litir ɗaya da rabi ne. Manya su nemo kaso: 6 cikin 20 daidai yake da 30 cikin ɗari. Sai mushe ya kawo maganar gida. Wanda ya zubar da irin wannan kaso daga bido mai litir 20, litir 6 ya bar wa hanya. In gida yana bukatar bido goma a yini, sai an ɗebo fiye da goma sha huɗu kafin a same su.

Zagaye na biyu

Kafin a sake, a ba kowane rukuni minti biyu ya yi shawara. Yara da kansu za su gano dabaru. Wani zai ce a daina gudu. Wata za ta ce kada a cika gwangwani fal, a bar yatsa biyu daga baki. Wata kuma za ta tuna yadda innarta take ɗora ganye ko ƴar ƙwarya a kan ruwan tasa don kada ya yi tambal-tambal. Dukansu daidai ne, a bar su su gwada.

Amma wanda ya rage cikawa sai ya ƙara yawan zuwa, wanda ya cika nawa kuma lokaci zai ƙare masa da ruwa a bokitin farawa. Wannan ruwan bai ɓace ba, amma bai isa gida ba. Don haka a allo a ja gida uku: wanda ya iso, wanda ya rage, wanda ya zube. In an tara ukun dole su ba da 20. In ba su ba da 20 ba, akwai kuskure a ƙirga, sai a sake.

Abubuwa uku sukan ɓata wasan. Na farko, gwangwani biyu da ba su yi daidai ba. A gwada su a gaban yara, a juye wannan cikin wancan. Na biyu, awo da ido ko da kara. Bokiti ƙasansa ya fi bakinsa tsukewa, wani kuma ya fi wani faɗi, saboda haka tsayin ruwa yana ruɗi. Gwangwani kaɗai ne alƙali. Na uku, santsi: in ƙasar laka ce, a matsa gefe bayan kowane zagaye. Ruwan da ya iso a sake amfani da shi, a ƙarshe a ba itace.

Gwajin ɗigo

Tsere ya nuna ruwan da hannu yake zubarwa. Akwai kuma wanda ke tafiya ba wanda ya taɓa shi. In lakwal tana da famfo mai ɗiga, a tara masa gwangwanin nan, a duba agogo. In babu, a huda kwalbar roba da allura, a cika ta, a rataye, a sassauta murfinta, domin in murfin ya toshe iska ɗigon zai tsaya.

A ce gwangwani ya cika cikin awa ɗaya. Kwatan litir ke nan a awa. Famfo ba ya barci: cikin awa 24, litir 6. Cikin kwana 30, litir 180, wato bido tara. Yaron da ya san nauyin bido ɗaya a kansa ba sai an yi masa bayanin tara ba. In da kwalba aka yi, a riƙa ƙara mata ruwa, don ɗigon yana raguwa in ruwan ya yi ƙasa. Sau da yawa abin da ke sa famfo ɗiga ƴar robar cikinsa ce ta cinye, mai gyara yana sake ta cikin ƴan mintoci.

Gwajin rana da iska

A samo tasa uku iri ɗaya, girma ɗaya. Kada a haɗa ta ƙarfe da ta roba, kada kuma a sa ta ƙasa, domin tukunyar ƙasa tana tsatsafo ta jikinta. Da haka ne ma randa take sanyaya ruwa. A zuba gwangwani 8 cikin kowace. Ta farko a rana, a buɗe. Ta biyu a inuwa, a buɗe. Ta uku a rana, a rufe da faifai ko murfi. A ajiye su da safe, a auna washegari a daidai wannan lokaci. Kafin awon, kowane yaro ya rubuta abin da yake zato.

A tsakiyar bazara, ruwan da ke buɗe a rana yakan sauka wajen santimetir guda a yini. A tasa mai faɗin baki santimetir 30, wannan ya kusa gwangwani uku. Ta inuwa za ta rasa ƙasa da haka, rufaffiya kuwa kaɗan ƙwarai. A ɗaga murfin a nuna wa yara ɗigon da ya taru a ƙarƙashinsa: ruwan da ya tashi ne ya zama tururi, murfi ya tare shi.

In an tarar da tasa ta bushe ƙaf, ko ta inuwa ta fi ta rana raguwa, a duba sawu a ƙasa. Akuya ko kaji ne suka sha. A ɗora tasoshin a wuri mai tsayi, ko a lulluɓe buɗaɗɗun biyu da tsohon gidan sauro. A kuma lura da iska: ranar da take busawa da ƙarfi, ko ta inuwa tana raguwa sosai, domin busasshiyar iska ma tana shan ruwa.

Ga manyan ɗalibai akwai ƙari. Milimetir ɗaya na ruwa a kan fili mai metir ɗaya tsawo da metir ɗaya faɗi, litir ɗaya ne cif. Shi ne milimetir ɗin da rediyo yake faɗa da damina. Maradi takan sami wajen milimetir 500 a shekara, alhali rana da iska suna iya ɗauke fiye da metir biyu daga buɗaɗɗen ruwa. Tabkin da zurfinsa bai wuce metir ɗaya ba, in yana sauka santimetir guda kullum, kwana 100 ya ishe shi ƙafewa, ko dabba ɗaya ba ta sha ba.

Bayan an gama, a bar lambobin a gefen allo har ƙarshen wata. A naɗa yara biyu kowane mako, ɗaya ya kula da murfin randar aji da moɗarta, ɗaya ya duba famfo ya kai wa darektan lakwal labari in yana ɗiga. Ban ruwan garka a mai da shi yamma, a rufe gindin shuka da ciyawa. In wata ya cika a sake tseren da yaran nan dai, a rubuta sabon sakamako kusa da tsohon.