Ba kuɗin tikitin caca ba ne ke kashe aure, ƙaryar da ke biyo shi ce

Ƙanwata tana aure a Gassi, can gefen ginin majalisar dokoki a Njamena. Mijinta ɗan kilando ne, wato mai haya da babur, kuma mutum ne mai kirki. Kullum yana ajiye mata sefa 3,000 na cefane. Bara kuɗin ya koma 2,000, ya ce mai ne ya yi tsada. Ta yarda, don bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Ashe jaka gudan tana tafiya ne wajen cacar ƙwallo. Jaka a kullum, 30,000 ke nan a wata. Yakan haɗa wasa goma a tikiti ɗaya, kuma sai duka sun yi daidai zai ci. A ɗauka kowane wasa canjaras ne, ko a dace ko a faɗi. To, damar dace goman sau ɗaya ce cikin 1,024. Mai yankar tikiti ɗaya a rana zai iya kusan shekara uku yana jira. Amma ranar da tara suka shigo, sai ya ce "saura ƙiris", gobe ya ninka.

Daga nan ya shiga bin abin da ya rasa. Ya ci kuɗin mai babur, ya rufe ramin da kwasar adashinta, sefa 60,000, ya ce mata ajiya ya yi. Ta ce mini: "Yaya, wallahi ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Yanzu ko ya ce ya sha ruwa, sai na duba randa." Wayarsa a kife take, hirar dare ta mutu, kuma fara'arsa ta koma hannun sakamakon wasan Asabar. Matan da mazansu ke kwana a gidan bilbil sun san wannan shirun.

Ni ma na yi kuskure. Na biya mai babur a ɓoye don rufin asiri, sai ga sabon bashi kafin wata ya ƙare. Wanda aka biya wa bashin caca a ɓoye, jari aka ba shi.

Shi ya sa ba na tare da masu ce wa mace "ki yi haƙuri" su tashi. Haƙurin da ba lissafi a ciki, lasisi ne. Da muka zauna da kawunsa, sai da ya rubuta kowane bashi da sunan mai shi. Kuɗin cefane yana shiga hannunta kafin ya cire takalmi, adashinta kuma ita ke karɓa. An ware abin da zai riƙa biya duk Juma'a.

Wata huɗu ke nan, sau ɗaya ya zame, kuma shi ya faɗa da bakinsa. A wurina, wannan faɗar ta fi sefa 60,000 daraja.