Riyal dubu huɗu ba miliyan ɗaya da dubu ɗari shida ba ce

Jama'a, yau da masu kalkuleta nake. Waɗanda da zarar an ce an samo wa yaro aiki a waje, sai su ciro waya, su buga albashin sau canjin Wapa, su ce "Kai, ka tsallake!" Wallahi wannan lissafin ya jefa mutane da yawa cikin bashi, kuma masu yin sa ba su ne suke biya ba.

Ƙanina ne ya zo min da takarda makon jiya, fuska sai sheƙi take. Ma'aikacin gyaran na'urorin sanyaya ɗaki ne, albashinsa a nan Kano naira dubu 350, yana da mata da yara biyu. Wani ejan ya samo masa aiki a Riyad, riyal 4,000 a wata. Ya ce, "Yaya, riyal ɗaya naira 400 ce, ka ga miliyan ɗaya da dubu ɗari shida kenan. Ninki huɗu da wani abu. In na zauna sai in ɗauko su Maman yara." Na ce to zauna, kawo biro.

Bugun nasa daidai ne, ban musa ba. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure riyal da dala, dala ɗaya riyal 3.75. In muka ɗauki dala a naira 1,500, riyal ta kama naira 400. Amma canji abu ɗaya yake gaya maka: nawa ɗan canji zai ba ka in ka miƙa masa riyal a nan. Ba ya gaya maka me riyal ɗin za ta saya maka a can. Kai kuma a can za ka kwana, a can za ka ci, a can za ka yi aski. Askin da ake maka naira dubu ɗaya a unguwa, a can riyal 15 ne ko 20, wato naira dubu shida zuwa takwas. Kan naka dai bai ƙaru ba. Wayar hannu ko talabijin, da yake kayan da ake shigowa da su ne ko'ina, farashinsu ba ya yin nisa sosai tsakanin ƙasashen biyu. Amma haya, makaranta, aikin hannu, duk abin da ba a iya loda shi a jirgi, yana bin albashin mutanen garin ne. Su ne kuma suke cinye albashi.

Sai muka rubuta abin da gidansa yake ci a wata a Kano: haya in an raba ta goma sha biyu, cefane, wuta, mai, kuɗin makarantar babbar, magani, kati. Ya tashi naira dubu 300. Dubu 50 ke saura masa, wata rana ma ba ta saura.

Daga nan muka kira wani abokin karatuna da ya shekara shida a Riyad, muka ce ya faɗa mana kuɗin irin wannan zaman, ba na ƙarya ba, ba na ƙunci ba. Ga abin da ya lissafa mana. Gida mai ɗaki biyu a unguwar masu ƙaramin ƙarfi, riyal 2,200 a wata, kuma yawanci kuɗin wata shida ko shekara ake nema a dunƙule. Cefane 1,500. Wuta, ruwa da waya 400. Zirga-zirga 500. Makarantar yarinya ɗaya, mai sauƙi, 700. Sai wanda ƙanin nawa bai taɓa ji ba: kuɗin da gwamnati take karɓa a kan kowane mutum da baƙon ma'aikaci ya ajiye a ƙarƙashin igamarsa. An fara shi a 2017 da riyal 100, ya hau har ya kai 400 a wata a 2020. Mata da yara biyu, riyal 1,200 kenan duk wata, kafin a sayi ko gishiri. Jimla 6,500.

A nan ne lissafin gaskiya yake. Zaman da yake cin naira dubu 300 a Kano, shi ne yake cin riyal 6,500 a Riyad. Raba dubu 300 gida 6,500, za ka samu 46. Ma'ana duk riyal ɗin da zai kashe a can wajen riƙe iyali, ƙarfinta na naira 46 ne, ba 400 ba. Buga 4,000 sau 46, ka ga naira dubu 184. Albashin da ake wa guɗa, in da iyali za a ci shi a can, kusan rabin wanda yake karɓa yanzu ne, kuma duk wata da giɓin riyal 2,500. Balle ma ba kowace sana'a ake bai wa izinin kawo iyali ba. Ƙanina ya yi shiru, ya ce, "Yaya, amma ai an ce ba a cire haraji." E, ba a cire haraji a albashi, gaskiya ne. Amma harajin kayan masarufi kashi 15 cikin ɗari ne tun Yulin 2020, namu kuwa 7.5. Suna karɓa, a kanti ne kawai.

Masana tattalin arziki suna da irin wannan awon na ƙarfin saye, Bankin Duniya ma yana fitar da alƙalumansa ƙasa-ƙasa. Yana da amfani don ka ga inda iska ta dosa, amma matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, ya haɗa ɗan ƙasa mai gidan kansa da ɗansa a makarantar gwamnati. Kai baƙo ne, kwandonka daban. Kwandonka za ka auna.

Yanzu kada wani ya ce na ce kar a tafi. Akwai wasu 'yan uwan masu kalkuleta, su kuma masu cewa "ai waje duk wahala ce, abin da ka samu can kake kashewa." Su ma ba su yi lissafi ba. Albashin waje kashi biyu ne. Wanda ka kashe a can, farashin can ne yake auna shi. Wanda ka turo gida, shi ne canji yake aiki a kansa. Don haka muka sake zama, a kan zai tafi shi kaɗai.

Ɗakin haɗaka riyal 900, abinci 700 in zai riƙa girki da kansa, mota 300, waya 100, sabulu da sauran tarkace 200. Tikitin zuwa gida sau ɗaya a shekara, tunda takardar ba ta ce kamfani zai biya ba, muka ware 200 a wata. Ya kama 2,400. Saura 1,600. Wannan ce kaɗai take da haƙƙin a buga ta sau 400, ta ba da naira dubu 640. Gidansa na Kano bai rufe ba, haya tana nan, makaranta tana nan, bakinsa kawai ya ragu, mu ce dubu 270. Saura dubu 370. Cire dubu 50 da dama yake ajiyewa a nan, ribar tafiyar ta zama naira dubu 320 a wata.

Kuɗi ne mai kyau, ban raina ba. Amma ku dubi tazarar: an shigo da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, an fita da dubu 320.

Sai maganar ejan. Naira miliyan uku yake nema. Raba ta da dubu 320, wata tara da ɗoriya kenan yaro yana hawa rufin gidaje cikin zafin Riyad yana yi wa ejan aiki, in ma ba bashi mai ruwa ya ci ba. Kwantiragin shekara biyu ce. Abin da ya fi ba ni haushi, dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na igama da izinin aiki a kan mai ɗaukar aikin ne. To miliyan ukun ta mece ce? Na ce ya tambaya a rubuce. Har yau amsar ita ce "ai ka san harkar."

Abu na ƙarshe da masu kalkuleta ba sa so a taɓo: 400 ɗin nan ba a kan dutse aka rubuta ta ba. Riyal a ɗaure take da dala, naira kuwa tun Yunin 2023 aka sake ta tana yawo. Kowa ya saba ganin ta faɗi, shi ya sa ake ɗauka mai riyal kullum shi ne da riba. Amma mun gani da idonmu a 2024: a Fabrairu dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa Afrilu ta sauko kusan 1,100. Shin kuɗin shinkafa ya sauko tare da ita? Bai sauko ba. A Disambar shekarar hauhawar farashi kashi 34.8 hukumar ƙididdiga ta sanar. Don haka na sa shi ya gwada mummunan yanayi. Dala ta dawo 1,200, riyal ta zama 320, riyal 1,600 ɗinsa ta koma naira dubu 512. Kayan gida sun tashi da kashi 20, dubu 270 ta zama 324. Saura dubu 188, rabin 370 ɗin ɗazu. Albashinsa bai canza ba ko da riyal ɗaya. In lissafinka bai iya jure wannan gwajin ba, caca kake yi da canji.

Ban ma sa fanshon da zai bari ba, kashi goman da kamfaninsa na nan yake zuba masa a asusu duk wata. Ban sa shekara biyu da yara za su yi suna ganin ubansu a waya ba, don wannan ba ni da canjinsa.

Abin da ya fito fili a takardar tamu shi ne, layi biyu ne suka fi komai nauyi: gida da mota. In kamfani ya ba da wurin kwana da motar kai wa aiki, riyal 1,200 ta dawo aljihunsa, naira dubu 480 kenan a wata, ta fi albashinsa na Kano gaba ɗaya. Takardar ejan kuwa cewa kawai ta yi 4,000, ba ta faɗi ko tsurar albashi ba ne ko har da alawus ɗin gida a ciki. Riyal 3,200 da gida da mota ta fi 4,000 babu su, amma ku gwada gaya wa mai kalkuleta haka ku ji.

Jiya ya tura wa ejan saƙo: a turo kwantiragin kamfanin kanta, a raba albashi da alawus, a rubuta wa zai biya gida, mota, tikiti da inshorar lafiya. Ya ce in gida da mota suna kan kamfani kuma an rage miliyan ukun, zai sa hannu, su Maman yara su zauna a Kano. In babu, yana nan. Ejan ya karanta tun ƙarfe tara na safe, alamar shuɗiya ta fito, bai ce komai ba tukuna.