Biyan haraji a banki bai cika ba sai da rasit a hannu

Ɗan kasuwa daga Gwiwa ko Roni yakan bai wa mai shiga Kazaure kuɗin harajinsa ya biya masa a banki, ko ya tura a wurin mai POS. Da an miƙo masa 'yar takarda sai hankalinsa ya kwanta. A nan kuskuren yake.

Takardar banki shaida ce kawai cewa kuɗi sun fita. Abin da ke nuna an sauke nauyin shi ne rasit na Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Jigawa, mai ɗauke da sunan mai biya, da lambarsa ta TIN, da shekarar da aka biya wa. Idan ɗan aike ya rubuta sunansa a maimakon na mai shago, a wurin hukuma mai shagon bai biya ba.

Misali, dillalin hatsi a Babura ya biya na 2022 da 2023 da 2024, sannan a 2025 ya nemi kwangilar kai abinci makaranta. Za a buƙaci takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekara uku da suka gabata. Ya ɗauko takardar POS ta 2022, zafi ya goge rubutun. Da me zai kāre kansa?

Don haka ya kamata mai biya ya ƙi tura kuɗi asusun wani mutum, ya duba sunansa kafin ya bar banki, ya karɓi rasit, ya yi masa fotokofi a ranar. Hukumar kuma ta kawo rasit kusa da mutanen ƙauye, kada kuɗin mota ya hana su karɓa.