Laifin Magini Ne, Ba Na Mai Hawa Ba

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da ta fara yin jijiya a tsakaninmu, mu masu koyon ƙirƙirar wasannin kwamfuta, kuma lokaci ya yi da za mu tumɓuke ta. Mutum zai yi watanni yana gina wasa, ya kira abokai su gwada, su wuce mataki na farko cikin nishaɗi, su zo na biyu su yi ta mutuwa har su ajiye. Maimakon ya ɗauki alƙalami, sai ya ce ai ragwaye ne. Mu kuwa muna cewa, idan mutane da yawa suka yi tuntuɓe a matakala guda, magini ake tuhuma.

Mu ɗauki darasi daga The Lion King, wasan da kamfanin Westwood ya gina a 1994. A mataki na farko ɗan zaki Simba yana koyon tsalle da ruri a natse. A na biyu sai a jibgo wa mai wasa komai a lokaci guda: tsalle a kan kawunan raƙuman dawa, lilo da wutsiyar dorina, sukuwa a kan jimina, da kuma wasu birai da sai an yi musu ruri su juya kafin su jefa shi inda ya dace. Louis Castle, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya bayyana daga baya cewa da gangan aka tsananta matakin, don kada wanda ya ɗauko wasan haya ya ci nisa kafin ya mayar. Da aka sake fitar da wasan a 2019, sai da aka ƙara masa hanyar mayar da lokaci baya. Su dai suna da dalilin ciniki. Mu wane dalili gare mu, in ba girman kai ba?

Tushen cutar a fili yake. Wanda ya gina mataki ya bi shi sau ɗari, hannunsa ya haddace kowane rami, saboda haka shi ne mafi rashin cancantar auna wuyarsa.

Ga yadda gyara yake. A ce mun zaunar da mutum goma waɗanda ba su taɓa ganin wasan ba. Mu kama bakinmu, kada mu nuna musu komai, mu zana taswirar matakin a takarda, muna sa alama duk inda ɗayansu ya mutu. Idan alamomin sun warwatsu, matakin duka ne ya yi tsauri. Idan kuwa bakwai sun taru a rami guda, to wuri ɗaya ne ya lalace, kuma ɓarna ce mu rage ƙarfin dukkan abokan gaba saboda shi.

Daga nan sai mu duba irin mutuwar. Wanda ya tsaya yana dube-dube, ko yake danna maɓallai barkatai, bai gane abin da ake nema ba ne. Maganinsa koyarwa: idan ramin yana bukatar tsalle biyu a jere, mu sa masa irin wannan tsallen tun da farko a wurin da faɗuwa ba ta kisa, sannan ya tarar da shi a kan ramin. Wanda kuwa ya yi abin da ya dace amma ya kuskure da kaɗan, ya gane, hannunsa ne bai kai ba. Shi sai a matso masa da bakin ramin, ko a ƙara masa lokacin tsalle daga rubu'in daƙiƙa zuwa rabi. Idan kuma kowace mutuwa tana mayar da shi farkon mataki, a sa masa wurin farawa gab da ramin, domin sau da yawa maimaita abin da aka riga aka iya shi ke kashe zuciya.

Sharuɗɗa biyu ne ba a ketare su. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane zagaye, in ba haka ba ba za mu san wanne ya yi aiki ba. Kuma sababbin mutane ake kira, domin na jiya sun riga sun koyi ramin da wahala.

Masu adawa za su ce muna so a mayar da wasa kunu. Ko kusa. Idan duk goman suka wuce ba wanda ya faɗi ko sau ɗaya, mun zarce, kuma mataki na uku ne zai zame musu katanga, don sun iso shi ba su koyi komai ba. Abin da muke nema shi ne mai wasa ya faɗi, ya san dalilin faɗuwarsa, ya ce bari in sake.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Duk wanda masu gwaji suka tsaya masa a mataki na biyu, ya daina zaginsu, ya ɗauko takarda.