Ba Farar Fuska Aka Ce Ka Ba Mu Ba

A makon jiya aka maido mini da hoton gwaggona daga wani shagon gyaran hoto. Da waya na ɗauke shi ranar Sallah, tana tsaye rana na bayanta, sai sararin sama ya fito tas, fuskarta kuwa ta dushe kamar inuwa. Mai gyaran ya ja maɓallin Shadows har +100, ya ƙara Exposure a kan hoton baki ɗaya, ya miƙo mini wata mata mai fatar toka wadda ban taɓa sani ba. Wannan ɓarna ce, ko da an karɓi kuɗi a kanta.

Kyamara tana auna hasken da ke gabanta ne ta nemi matsakaici. Idan sama ta mamaye hoton, sai ta rage haske domin kada saman ta ƙone, fuska ta biya bashin. Tazarar takan kai mataki 3 ko 4, kowane mataki kuwa ninki biyu ne na haske, wato saman ta fi fuskar haske sau 8 zuwa 16. To, da wane dalili za a yi wa wurare biyu masu irin wannan tazara magani ɗaya?

Da na zauna da kaina a Lightroom, sai na shiga Masking na zaɓi Subject, domin gyaran ya tsaya a kanta kaɗai. Na ɗaga Exposure zuwa +1.3, Shadows kuma +25, na tsaya. Sannan na ɗan ɗumama Temp, saboda fuskar da ke inuwa daga shuɗin sama take samun haske, shi ya sa take komawa toka idan an haska ta. Saman kuwa ban taɓa shi ba.

Za a ce fuskar har yanzu da duhu. Haka ne, gwaggona baƙa ce, kuma rana na bayanta. Ma'aunina shi ne a ga idanunta da tsagar kumatunta, ba a mayar da ita mai shafe-shafe ba. Alamun wuce gona da iri a bayyane suke: farin zobe ya kewaye ɗankwali, ɗigo-ɗigon kore da ja su ɓulla a kumatu, fuska ta zama kamar an manna ta.

Akwai kuma iyakar da masu shago ba sa son faɗa wa mai hoto. JPEG matakan haske 256 kacal yake riƙewa a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa 16,384. Nawa JPEG ne, shi ya sa da na gwada +2 fatar ta fara tsattsagewa, na koma baya. Da tun a filin Idi na taɓa fuskarta a allon wayar kafin in ɗauka, ko na sa wani mai farar babbar riga ya tsaya daga gefena ya maido mata da haske, da ban kai hoton shago ba.