Zauren Kimiyya: An Kashe Sola, Amma Wutar Faranti Tana Nan

Yawancinmu mun ɗauka da zarar an kashe inbata, fitilu suka mutu, to wuta ta ƙare a na'urar sola. Wannan kuskure ne da ke iya ƙona hannu, har ma ya halaka mutum.

Farantin sola ba shi da makunni. Muddin haske na sauka a kansa, yana nan yana samar da wuta. Mu ɗauki ɗakin kwamfuta mai faranti 4 da aka jona a jere, kowanne yana ba da bolt 45 in ba a jan wutarsa. Idan muka tara, bolt 180 ke nan a wayar da ta sauko daga rufi. Ko mun sauke birekar farantan, hanya kawai muka datse. Wayar da ke tsakanin rufi da birekar tana ɗauke da wutarta. Hadari ko hazo ma yawan wutar suke ragewa, amma bolt ɗin ba ya sauka sosai.

To, yaya ake kashewa idan za a yi gyara? Muna farawa da kayan da ke shan wuta: kwamfutoci, fankoki da fitilu, sai birekar da ke kai musu wuta. Na biyu, mu kashe inbata. Na uku, mu sauke birekar farantan, wadda galibi aka rubuta wa `PV`. Batir shi ne na ƙarshe. Daga nan a jira kamar minti 5, domin inbata kan riƙe ragowar wuta a cikinta, sannan mai gyara ya gwada da mita kafin ya taɓa waya.

Me ya sa batir ke ƙarshe? Kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji, tana karɓar wutar faranti ta zuba wa batir. In muka cire batir alhali wuta na kwararowa, ba ta da inda za ta juye ta, sai kwantirolar ta iya ƙonewa. Haka kuma kada a zare mahaɗin wayar faranti wuta na gudana. Wutar faranti hanya ɗaya take bi, don haka tartsatsinta kan ci gaba da ci maimakon ya mutu nan take.

Wajen kunnawa sai mu bi sawunmu a juye: batir da farko, domin kwantirola ta farka ta gane ko na bolt 12 ne ko 24, sai farantai, sai inbata, sannan kayan wuta ɗaya bayan ɗaya. In allon kwantirola ya nuna caji na shiga, aiki ya yi. In muka ji ƙauri ko waya ta yi zafi, a kashe bisa tsarin farko.

Wannan aiki ne na mai gyara ko malamin da ya ƙware. Namu shi ne mu tsaya mu lura, mu kuma bi littafin na'urar idan ya zo da nasa tsarin. Sai mako mai zuwa.